Daga Bakin Mai Sito Zuwa Jadawalin Gaskiya: Yadda Ake Tsara Ƙararrawa Mai Sensa Da Yawa

Wani ɗan kasuwa a Agege, mai sayar da shinkafa da wake da man gyaɗa a kan sari, ya kira ni in sa masa ƙararrawa a sitonsa. Muna tsaye a bakin ƙofa, lebura na sauke buhuna daga mota, ya faɗa mini abin da yake so a numfashi guda: "Malam, in na kulle na sa tsaro, ina so jiniya ta yi kuka in an buɗe ƙofa da kuma in wani ya motsa a ciki. Hayaƙi ma haka. Amma don Allah kar ta riƙa tayar da unguwa a banza."

A kunnen mutum wannan magana ta cika. Duk wanda ya ji ta zai ce ya gane. Amma na'ura ba ta san nufi ba, ita dai a ba ta amsa ɗaya tak, i ko a'a, a kowane hali da za ta iya samun kanta a ciki. A cikin waɗannan jimloli uku na Alhaji akwai wurare aƙalla uku da masu gyara biyu za su fahimta daban, kowa ya haɗa wayarsa, kowa kuma ya rantse abin da aka ce masa ya yi. Aikin jadawalin gaskiya, wato jadawalin da ke jera kowane hali da amsar da na'ura za ta bayar a kansa, shi ne ya tono waɗannan wurare tun a kan takarda. A wurina jadawalin jerin tambayoyi ne da za ka koma ka yi wa mai sito, kuma ba na yanka waya ko guda sai kowace tambaya ta sami amsa daga bakinsa.

Zan bi aikin sitonsa daga farko har ƙarshe, don ka ga yadda ake yi.

Ka rubuta maganar yadda ta fito, ka ciro abubuwan da ake saurare

Abu na farko, ka rubuta maganar mai aiki kalma da kalma, kada ka gyara masa ita a ranka. Da zarar ka gyara, ka riga ka yanke hukunci a madadinsa ba tare da ka sani ba. Daga nan ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ke iya zama i ko a'a. A maganar Alhaji huɗu ne: akwai hayaƙi ko babu, an sa tsaro ko ba a sa ba, ƙofa a buɗe take ko a rufe, an ga motsi ko ba a gani ba. Abin da ke fita kuma ɗaya ne, jiniya ta yi kuka ko ta yi shiru.

Ka lura, tsaro ba sensa ba ne, makunni ne da Alhaji ke murɗawa da mabuɗi. Duk da haka yana cikin lissafi, domin yana sauya abin da jiniya za ta yi. Sababbin hannu sukan ƙirga sensa kawai su manta da shi.

Sai ka ba kowane harafi, ka rubuta abin da 1 ke nufi da cikakkiyar jimla:

H = 1 yana nufin akwai hayaƙi.
T = 1 yana nufin an sa tsaro.
K = 1 yana nufin ƙofa a buɗe take.
M = 1 yana nufin an ga motsi.
J = 1 yana nufin jiniya na kuka.

Kada ka rubuta "K ƙofa ce" ka tsaya nan. Bayan kwana biyu kai da kanka ba za ka tuna ko 1 buɗewa ce ko rufewa ba. Ni na saba wa kaina cewa 1 a koyaushe shi ne halin da ke jan hankali: hayaƙi ya tashi, ƙofa ta buɗe, wani ya motsa. A wannan mataki kuma kada ka damu da ko wayar sensa tana ba da wuta ko tana yanke ta. Wannan zai zo can gaba. Yanzu maganar abin da ke faruwa a sito muke yi, ba abin da mita ke nunawa ba.

Yawan layuka da yadda ake jera su

Kowane abu hali biyu gare shi. Abu ɗaya na ba da layi 2, biyu su ba da 4, uku su ba da 8, huɗu su ba da 16. Duk abin da ka ƙara yana ninka jadawalin sau biyu, shi ya sa biyar ke kai ka 32, shida 64. Mu namu 16 ne, kuma dole su cika 16 cif. In ka ƙirga ka sami 15, akwai halin da ƙararrawarka za ta shiga wanda ba wanda ya yi tunani a kansa.

Akwai hanyar jera su da ba ta barin ka tsallake ko ka maimaita. Ka fara daga ginshiƙin ƙarshe na hannun dama, wato M, ka rubuta 0, 1, 0, 1 daga sama har ƙasa. Na kusa da shi, K, ka rubuta bibbiyu: 0, 0, 1, 1. Na T hurhuɗu. Na H kuma sifili takwas, sannan ɗaya takwas. Ka sa wa layukan lamba daga 0 zuwa 15. In kana shakkar wani layi, ka ba H daraja 8, T 4, K 2, M 1, ka tara na waɗanda ke da 1. Layin da ke ɗauke da 1, 1, 0, 1 zai ba ka 8 da 4 da 1, wato 13, kuma dole ya zauna a lamba 13.

Na sa H a farko da gangan. Abin da kake zaton ya fi ƙarfin sauran, sa shi a hagu, domin jadawalin ya rabu gida biyu a kansa, ido ya ga tsarin cikin sauƙi.

Kalmomin da ke ruɗi: da, ko, sai, amma

Nan ne ainihin aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Masu lissafi suna da kalmomi uku da suke gina komai a kansu. AND na nufin dole duka sharuɗɗan su cika tare. OR na nufin ko ɗaya ya cika ya isa, in duka suka cika ma ya yi. NOT na juya i ta zama a'a. Matsalar ita ce Hausar da muke yi a kasuwa ba ta raba su haka ba.

Dubi maganar Alhaji: "in an buɗe ƙofa da kuma in wani ya motsa a ciki". Wanda ya koyi cewa "da" ita ce AND zai rubuta K AND M ya wuce. Amma Alhaji lissafa dalilai yake yi, kamar mai cewa ana samun tumatur a Mile 12 da Oyingbo. Ba ya nufin sai ka je duka biyun kafin ka samu. Wannan "da" ta jeri ce, kuma a lissafi OR ce. Yadda ake ganewa shi ne ka ɗauki hali guda ka tambaya. Na ce masa, "Alhaji, in an ɓalle ƙofa amma ba a riga an shiga ba, ta yi kuka ko ta jira?" Ya ce, "Haba Malam, me za ta jira?" Shi ke nan, layi na 6 ya sami 1.

"Ko" ma tana da fuska biyu. In mai shayi ya ce maka da madara ko babu, ɗaya za ka zaɓa. In aka ɗauki irin wannan "ko" aka sa a ƙararrawa, wato ɗaya kawai ba duka biyu ba, layi na 7 zai zama 0. Layi na 7 kuwa shi ne an sa tsaro, ƙofa a buɗe, ga mutum yana yawo a ciki. Jiniya za ta yi kuka lokacin da ɓarawo ya buɗe ƙofa, ta yi tsit da zarar ya taka ciki. A harkar ƙararrawa kusan kullum "ko" mai haɗawa ake nufi, amma ka duba layin da idonka, kada ka ɗauka.

"Sai" ta fi su wuyar kamawa. In mai aiki ya ce "ba za ta yi kuka ba sai an sa tsaro", ya gaya maka cewa duk inda T take 0 to J ma 0 ce. Bai gaya maka komai ba a kan layukan da T take 1. Sa tsaro sharaɗi ne, ba shi ne ke tayar da jiniya ba. "Amma" da "banda" kuwa togiya suke kawowa, suna soke wani abu da aka riga aka faɗa, don haka ka cike jadawalin da babbar doka tukuna, sannan ka dawo ka goge layukan da togiyar ta shafa.

Sai kuma "Hayaƙi ma haka." Haka yaya? Yana iya nufin hayaƙi ma ya jira a sa tsaro, kamar ƙofa da motsi. Yana iya nufin hayaƙi ma ya sa jiniya kuka, ko an sa tsaro ko ba a sa ba. Bambancin ya shafi layuka huɗu, daga 8 zuwa 11, inda akwai hayaƙi amma ba a sa tsaro ba. Na tambaye shi, sai ya ɗan yi jim. Ya ce maƙwabcinsa na da janareto a bayan sito, yana tsoron hayaƙinsa ya riƙa tayar da jiniya da rana. Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar Juma'a in kun ja ƙofa kun tafi masallaci ba ku murɗa mabuɗi ba, wuta ta tashi fa?" Ya ce to ta yi kuka kowane lokaci. Ra'ayina ke nan tun farko, kuma da ya nace a kan ɗayan da na gaya masa ƙarara ban yarda ba. Wuta ba ta duba ko an sa tsaro. Maganin hayaƙin janareto shi ne a nisantar da sensa daga tagar da yake shigowa, ba a toshe mata baki da rana ba.

Cike ginshiƙin jiniya

Yanzu a cike J. Ka fara da dokar da ta fi ƙarfi: duk inda H take 1, J 1 ce. Layi na 8 zuwa 15 sun cika a tashi ɗaya. Saura takwas na sama, inda babu hayaƙi. A cikinsu, daga 0 zuwa 3 ba a sa tsaro ba, ana ciniki, yara na shiga da fita, don haka duka 0. Layi na 4 shi ne daren lafiya, an sa tsaro, ƙofa a rufe, ba motsi, shi ma 0. Na 6 da na 7 mun riga mun ba su 1.

Saura layi na 5, kuma a kansa muka fi daɗewa da Alhaji.

Layi na 5 yana cewa an sa tsaro, ƙofa a rufe, amma an ga motsi. Wa ke motsi a sito kulle? Alhaji ya ce ɓera ne, ko kyanwar da suka ajiye don ɓeran. A nan ne maganarsa ta ƙarshe ta shigo, kar a tayar da unguwa a banza, har ya kawo shawarar a bar motsi ya yi aiki ne kawai in ƙofa ta buɗe. Na nuna masa a takarda abin da wannan zai haifar. In motsi ba ya tayar da jiniya sai da ƙofa, alhali ƙofa ita kaɗai ta riga ta isa, to sensar motsi ba ta da sauran aiki, kuɗinta asara ne. Sannan na ɗaga hannu na nuna masa rufin kwano. Wanda ya yanka kwano ya diro daga sama bai taɓa ƙofa ba, kuma layin da zai faɗa a kai shi ne dai wannan na 5. Ɓera da mai dirowa ta rufi layinsu ɗaya, jadawali ba zai iya raba su ba, domin sensa abu ɗaya take faɗa a kansu.

Wannan darasi ne babba a aikin. In halaye biyu da ke son amsa daban suka faɗa a layi guda, ba wata dabarar lissafi da za ta raba su. Ko dai ka gyara sensar ta daina ganin ɗayan, ko ka ƙara wata sensa, jadawali ya ninka. Mun zaɓi na farko. Sensar motsi canjin zafin jiki take gani yana wucewa ta gabanta, kuma ƙaramar dabba da ke dab da idonta tana iya cika mata gani kamar mutum daga nesa. Don haka muka sayi irin wadda aka ƙera don ta ƙyale ƙananan dabbobi, muka kafa ta sama da mita 2 kaɗan, muka kuma yi yarjejeniya ba za a tara buhuna har kusa da ita ba, don kada ɓera ya hau ya gilma ta gabanta, kada kuma buhunan su tare mata gani. Layi na 5 ya sami 1.

Ga jadawalin a kammale:

| Layi | H | T | K | M | J |
|---|---|---|---|---|---|
| 0 | 0 | 0 | 0 | 0 | 0 |
| 1 | 0 | 0 | 0 | 1 | 0 |
| 2 | 0 | 0 | 1 | 0 | 0 |
| 3 | 0 | 0 | 1 | 1 | 0 |
| 4 | 0 | 1 | 0 | 0 | 0 |
| 5 | 0 | 1 | 0 | 1 | 1 |
| 6 | 0 | 1 | 1 | 0 | 1 |
| 7 | 0 | 1 | 1 | 1 | 1 |
| 8 | 1 | 0 | 0 | 0 | 1 |
| 9 | 1 | 0 | 0 | 1 | 1 |
| 10 | 1 | 0 | 1 | 0 | 1 |
| 11 | 1 | 0 | 1 | 1 | 1 |
| 12 | 1 | 1 | 0 | 0 | 1 |
| 13 | 1 | 1 | 0 | 1 | 1 |
| 14 | 1 | 1 | 1 | 0 | 1 |
| 15 | 1 | 1 | 1 | 1 | 1 |

Layuka 11 na kuka, 5 na shiru. Kafin in tafi na karanta masa kowane layi da Hausa, ba da lamba ba: "Babu hayaƙi, ba a sa tsaro ba, ƙofa a buɗe, mutum na motsi, jiniya shiru. Haka ne?" Yana cewa haka ne, ina sa alama. Bai kai minti biyar ba.

Daga jadawali zuwa jimla guda

Idan ka dubi inda 1 take, za ka ga gida biyu ne: duk inda akwai hayaƙi, da kuma inda aka sa tsaro tare da ƙofa ko motsi. A rubuce:

```
J = H OR (T AND (K OR M))
```

Bakunan nan da ke kewaye da haruffa su ne ke riƙe da ma'anar, kuma a kansu aka fi yin kuskure. Ga kurakurai biyu da na sha gani:

```
J = T AND (H OR K OR M)
J = H OR (T AND K) OR M
```

Na farko ya mayar da hayaƙi ƙarƙashin tsaro, layi na 8 zuwa 11 sun koma 0. Haɗarinsa shi ne ba ya nuna kansa. In ka gwada da tsaro a kunne, komai zai yi daidai, ka karɓi kuɗinka ka tafi, sai ranar da wuta ta tashi da rana a gane. Na biyu ya fitar da motsi daga ƙarƙashin tsaro, layi na 1 da na 3 sun zama 1. Wannan da wuri ake kama shi, domin jiniya za ta riƙa kuka tsakar rana duk lokacin da yaron shago ya shiga ɗauko kaya. Hanyar kare kai ɗaya ce: duk jimlar da ka rubuta, ka mayar da ita kan layuka 16 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko ta ba da ginshiƙin J ɗinka daidai.

Abin da waya ke faɗa daban yake da abin da ke faruwa

Yanzu mu dawo kan abin da na ce a jinkirta. Sensar ƙofa da ake samu a kasuwar Alaba ta Ojo gida biyu ce, maganaɗisu a jikin ƙofa, ɗan makunni a jikin dogarin ƙofa. In ƙofa na rufe, maganaɗisun na kusa, makunnin a haɗe yake, wuta na wucewa. In ƙofa ta buɗe sai ya yanke. Wato K = 1 a jadawalinmu daidai yake da yankewar waya, ba haɗuwarta ba. Wanda ya ɗauka cewa wuta na wucewa shi ne 1 zai sami ƙararrawar da ke kuka in an rufe ƙofa, ta yi shiru in an buɗe. Duk sanda ka ga sensa na yin akasin abin da kake tsammani, ba jadawali za ka taɓa ba, ginshiƙinta ne ya juya.

Don haka ka yi ƙaramin jadawali na biyu, layi guda ga kowace sensa: in abin ya faru, wayar haɗuwa take yi ko yankewa? Kada ka dogara da rubutun kwali. Ka sa mita a wurin gwada haɗuwar waya, ka buɗe ƙofa ka rufe, ka gani da idonka.

An tsara sensar ƙofa haka ne da dalili. In wani ya yanke wayarta, ko ɓera ya cinye ta, a wurin na'ura daidai yake da buɗe ƙofa, sai jiniya ta yi kuka. Wannan shi ake so a sauran ma. Sensar motsi ta ƙararrawa mai aiki da bolt 12 galibi tana da bakin da aka rubuta NC, wanda ke haɗe a zaman lafiya ya yanke in ta ga motsi. Rilen sensar hayaƙi, in yana da NC da NO da COM, ka ɗauki NC da COM. Makunnin tsaro ma ka haɗa shi ta yadda sa tsaro shi ne yankewa, domin in aka datse wayarsa sito ya zauna cikin tsaro maimakon ya fita. Iyakar wannan dabara ita ce wanda ya san aiki yana iya haɗe wayoyi biyun maimakon ya yanke su. Manyan akwatunan ƙararrawa suna magance haka da razista da ake sawa a ƙarshen layi kusa da sensa, ta yadda haɗewa da yankewa duka za su bambanta da zaman lafiya.

In Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni, za ka yi amfani da shi, ka haɗa kowane makunni tsakanin ƙafarsa da GND, ka saita ƙafafun huɗu a INPUT_PULLUP, ƙafa ta 8 ta jiniya kuma a OUTPUT. Haɗaɗɗiyar waya za ta karanta LOW, yankakkiya HIGH, sai komai ya dace da jadawali ba tare da juya ko ɗaya ba:

```
bool H = digitalRead(2);
bool T = digitalRead(3);
bool K = digitalRead(4);
bool M = digitalRead(5);
bool J = H || (T && (K || M));
digitalWrite(8, J);
```

Ƙafa ta 8 ba za ta iya ɗaukar jiniya kai tsaye ba, sai ta hanyar rile ko tiransista. Wanda ba ya son Arduino yana iya yin aikin da 74HC32 mai ɗauke da OR guda huɗu da 74HC08 mai ɗauke da AND guda huɗu. OR biyu da AND ɗaya kawai jimlarmu ke bukata.

Daga baya Alhaji ya ce a ƙara ƙofar baya. Ban ninka jadawali zuwa 32 ba. Tunda ƙofofin biyu hukuncinsu ɗaya, na jera makunnansu a kan waya ɗaya, ɗaya na bin ɗaya, duk wadda ta buɗe layin ya yanke. K ta koma nufin "wata ƙofa a buɗe take". Da a ce hukuncinsu ya bambanta, misali ta baya ta tayar da jiniya ko da rana, to dole ta sami harafinta.

Abin da jadawalin bai sani ba

Jadawalin gaskiya ba ya tuna jiya, bai kuma san ɗazu ba. Halin da ake ciki yanzu kawai yake dubawa. Ka bi wannan a kan jadawalinmu: ɓarawo ya buɗe ƙofa, muna layi na 6, jiniya ta fara. Ya firgita ya maido ƙofar, mun koma layi na 4, jiniya ta yi shiru bayan daƙiƙa biyu. Mai gadi ya farka, ya saurara, bai ji komai ba, ya koma barci. Jadawalin bai yi kuskure ba, abin da aka rubuta ya bi. Maganar Alhaji ce ke ɗauke da wani sharaɗi da bai furta ba, wato in ta fara kada ta tsaya sai shi ya tsayar da ita.

Gyaran shi ne a mayar da jiniyar kanta cikin abubuwan da ake saurare. Mu kira halinta na ɗazu P, inda P = 1 ke nufin tana cikin kuka:

```
J = H OR (T AND (K OR M OR P))
```

Yanzu in ta fara alhali an sa tsaro, P na riƙe ta ko an rufe ƙofa, har sai an murɗa mabuɗi T ta koma 0. Jadawalin ya zama layi 32. Rabin da P take 0 shi ne dai wanda muka riga muka cike, a ɗaya rabin kuma layi guda ne kawai ya sauya, wato ɗan'uwan layi na 4, wanda ya tashi daga 0 zuwa 1.

Lokaci ma haka yake. In makunnin tsaro na cikin sito, Alhaji da kansa zai faɗa layi na 6 kowace safiya kafin ya kai ga mabuɗi, da yamma kuma zai faɗa na 7 yana ƙoƙarin fita. Ko dai a sa jinkiri na wasu daƙiƙu, wanda aikin agogo ne ba na jadawali ba, ko a fitar da makunnin waje. Mun sa shi a waje cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Haka kuma duk layukan nan sun ɗauka akwai wutar lantarki, don haka batir mai bolt 12 da ke caji da kansa yana cikin aikin tun farko, ba ƙari ba ne. Ita sensar hayaƙi kuma na zaɓi mai ƙara a jikinta, don ko akwatina ya mutu ta yi nata ihun.

Gwaji

A kan teburin aiki na sa makunnai huɗu a madadin sensa, da ƙaramin ƙwan fitila a madadin jiniya, na bi layuka 16 duka ina sa alama. Bayan an kafa komai a sito sai gwajin gaske, bayan mun sanar da maƙwabta da mai gadin layin. Ka ba sensar motsi kamar minti guda bayan kunna wuta ta daidaita, ka kuma tuna tana riƙe alamarta na 'yan daƙiƙu bayan motsi ya tsaya, don haka kada ka yi gaggawar wucewa daga layi zuwa layi.

Layi na 6 yana son ƙofa ba motsi, sai muka rufe idon sensar motsi da kwali, muka sa tsaro, muka buɗe ƙofa daga waje. Jiniya ta tashi, muka maido ƙofar, ta ci gaba, sai da aka murɗa mabuɗi ta tsaya. Layi na 5 yana son motsi ba ƙofa, sai yarona ya shiga ya tsaya cak a tsakiyar sito, muka rufe ƙofa, muka jira fitilar sensa ta mutu, muka sa tsaro, na ƙwala masa kira ya taka. Mun maimaita wannan daga kusurwa huɗu na siton, har da ƙarƙashin wurin da kwanon rufi ya fi sauƙin hawa daga katangar baya. A kusurwa ɗaya ba ta gan shi ba, jarkokin mai sun tare, sai da muka karkata sensar kaɗan. Layi na 8 kuma da tsakar rana muka yi shi, mabuɗin tsaro na aljihun Alhaji, na hau tsani na danna maɓallin gwaji na sensar hayaƙi, bayan na tabbatar da mita cewa maɓallin na motsa rilenta, domin ba kowace iri ce ke yin haka ba.

Kwafin jadawalin, da ma'anar kowane harafi, da lambar ƙafar da kowace waya ta shiga, na liƙa su a cikin murfin akwatin da salatif, na ba Alhaji kwafi na biyu ya ajiye tare da rasit ɗin kayan.